Hannun jari, takardun lamuni ko tsabar kuɗi: yaya ɗan shekara talatin da wani abu zai raba ajiyarsa ta ritaya?

Tun da ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura maki 100,000 a watan Janairun 2024, tambayar da ake yawan jefa wa duk wanda aka ga yana da ɗan sani a harkar kuɗi ita ce: "Wane kamfani zan saya?" Da dandalin zuba kuɗi na intanet mai suna CBEX ya rushe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, sai tambayar ta koma: "To ina zan sa kuɗina su tsira?" Duka biyun sun tsallake wata tambaya da ya kamata ta riga su, wato nawa daga cikin ajiyar mutum zai shiga hannun jari, nawa zai shiga takardun lamuni, nawa kuma zai zauna tsaba. Wannan rabon shi ne yake yanke yawan asarar da mutum zai gani a shekarar da kasuwa ta faɗi, shi ne kuma yake yanke ko kuɗinsa za su iya bin sawun tsadar kaya nan da shekara ashirin da biyar. Sunan kamfanin da aka saya yana zuwa ne daga baya.

Bayanin nan ya shafi wanda yake tsakanin shekara 30 zuwa 39, yana da abin da yake shigo masa a kai a kai, kuma ya fara tunanin ranar da ƙarfi zai ƙare.

Abubuwan nan uku da aikin kowannensu

Hannun jari mallakar wani ɗan yanki ne na kamfani. Idan kamfanin ya ci riba, yakan raba wani abu ga masu hannun jari, idan kuma ya bunƙasa darajar hannun jarin takan tashi. Babu wanda ya yi maka alkawarin komai. Aikinsa a cikin ajiyar ritaya shi ne haɓaka, domin kamfanin da yake sayar da siminti ko sukari ko katin waya yana iya ƙara farashin kayansa idan komai ya yi tsada, ribarsa kuma ta bi.

Takardar lamuni bashi ce ka ba gwamnati ko kamfani. An faɗa maka abin da za a riƙa biyan ka, an kuma faɗa maka ranar da za a dawo maka da uwar kuɗinka. Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa, DMO, yana da wadda aka yi don ƙananan masu ajiya tun 2017: ana shiga da naira 5,000, wa'adinta shekara biyu ko uku, ana biyan ruwanta duk wata uku. Sukuk na gwamnatin tarayya shi ma a 2017 aka fara shi, da naira biliyan 100 don aikin hanyoyi, wa'adin shekara bakwai, ana shiga da naira 10,000, abin da ake biya kuma kuɗin haya ne ba ruwa ba. A wajen rabon ajiya, sukuk da takardar lamuni kujera ɗaya suke zama: su ne masu riƙe ajiya kada ta yi tangal-tangal.

Tsabar kuɗi kuwa ba takardun da ke ƙarƙashin katifa kaɗai ake nufi ba. Ya haɗa da asusun ajiya na banki, da takardun baitulmali masu wa'adin kwana 91 ko 182 ko 364, da asusun haɗaka da ke juya kuɗi a irin waɗannan takardu na gajeren zango. Duk abin da za ka iya cirewa cikin 'yan kwanaki ba tare da lambarsa ta ragu ba, tsaba ne. Aikinsa shi ne ranar larura.

Abin da ake kira tsira, shi ne yake cin kuɗi a ɓoye

Yawancin mutane idan an ce haɗari, faɗuwar hannun jari suke gani. Kuɗin da ke asusun banki ba a taɓa ganin lambarsu ta ragu ba, shi ya sa ake ɗaukar su a matsayin wurin tsira. Ga mai buƙatar kuɗinsa baɗi, haka ne. Ga mai buƙatarsu bayan shekara 26, lamarin ya juye.

Akwai wani ɗan lissafi mai sauƙi: ka raba 72 da adadin hauhawar farashi, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗi za su yi kafin ƙarfin sayensu ya ragu da rabi. Idan kaya suna tashi da kashi 24 cikin ɗari a shekara, shekara uku ke nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disambar 2024, wanda ke nufin a irin wannan gudu shekara biyu da 'yan watanni sun isa. Mu ma sassauta, mu ce cikin shekara 26 masu zuwa tsadar za ta tsaya a kashi 12. Gidan da yake cin naira 200,000 a wata yau zai buƙaci kimanin miliyan 3.8 a wata don ya ci irin abin da yake ci yanzu. Miliyan ɗayan da aka ɓoye yau kuma, a lokacin abin da naira 52,000 take saya yau za ta saya.

Wani zai ce ai takardun baitulmali suna biyan ruwa mai tsoka. Wani lokaci suna biya. Amma a ƙarshen 2020 ruwansu ya faɗo ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 15. Duk wanda ajiyarsa ta ritaya take can gaba ɗaya, a shekarar ya yi asara ta gaske, alhali takardar bankinsa tana nuna masa ya samu ƙari. Abin dubawa kullum shi ne abin da ya rage bayan an cire tsadar kaya daga abin da aka biya ka. Idan an ba ka kashi 18 kaya sun tashi da kashi 25, baya ka ci.

Amma hannun jari ma yana da nasa tarihin

Littattafan da ake rubutawa a Amurka sukan ce matashi ya zuba mafi yawan kuɗinsa a hannun jari ya kwanta barci, kasuwa za ta farfaɗo. Kafin mu ɗauki wannan magana gaba ɗayanta, ya kamata mu tuna abin da ya faru a gida.

Bayan haɗe bankuna na 2005, an yi wani zamani da kowa ya zama mai hannun jari. Bankuna suna tallar hannun jarinsu, malamin makaranta ya saya, ɗan kasuwar Kwari ya saya, wasu har bashi bankunan suka ba su don su ƙara saye. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya kai wajen maki 66,000. Shekara guda bayan nan yana wajen 20,000, wato kusan kashi 70 cikin ɗari na darajar ya tafi. Ma'aunin bai sake taka inda ya taka a 2008 ba sai a watan Agustan 2023. Shekara goma sha biyar. Gaskiya ne wannan lissafi bai haɗa da ribar da kamfanoni suka yi ta rabawa a tsakani ba, amma kuma bai cire tsadar kayan da aka yi a waɗannan shekaru ba. Har yau akwai dattawan da in ka ce musu hannun jari sai su kawar da kai, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Ita dai wannan kasuwa ce ta tashi da kashi 50 a 2020, da kusan kashi 46 a 2023, da wajen kashi 38 a 2024, bayan ta yi baya shekara biyu a jere a 2018 da 2019. Abin da tarihin yake nunawa shi ne wanda ya fi shan wuya a 2008 mutum iri uku ne: wanda ya zuba duk abin da ya mallaka lokaci ɗaya, da wanda ya saya da bashi, da wanda larura ta tilasta masa sayarwa a 2009. Mai sayen kaɗan-kaɗan duk wata daga albashinsa ya sayi wasu a 66,000, amma ya sayi mafi yawa a shekarun da ma'aunin yake yawo tsakanin 20,000 da 40,000. Ɗan shekara 34 yana da wata sama da 300 na saye a gabansa. Faɗuwar kasuwa a farkon wannan tafiya arha ce ta same shi, muddin bai sayar ba. Sauran kashi biyu na ajiyar, tsaba da lamuni, babban aikinsu shi ne su hana shi sayarwar.

Takardar lamuni ma tana iya ragewa

Wannan wuri ne da mutane ke yawan mamaki. A ce ka sayi takardar naira 100,000 mai biyan kashi 12, wato 12,000 a shekara. Bayan nan Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa, kamar yadda ya yi daga kashi 11.5 a farkon 2022 zuwa 27.5 a ƙarshen 2024, sababbin takardu suka fara biyan kashi 18. Idan kana son sayar da taka kafin wa'adi, babu mai ba ka 100,000, tunda zai iya sayen sabuwa mai biyan 18,000. In saura shekara goma wa'adinta ya cika, wajen naira 73,000 za a taya ta. In saura shekara biyu ne, wajen 90,600. Tsawon wa'adi shi ne yake ƙara girman rangwamen. Wanda ya riƙe ta har ƙarshe zai karɓi 100,000 ɗinsa cif, sai dai ya riga ya san abin da tsadar kaya ta yi musu a hanya.

Gwamnati ma tana iya sauya magana. 'Yan'uwanmu na Zongo a Kumasi da Nima a Akkara sun ga haka: daga Disambar 2022 gwamnatin Ghana ta nemi masu riƙe da takardun bashinta na cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙarancin ruwa da tsawon wa'adi. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya nuna cewa babu ɗaya daga cikin ukun da za a ɗora masa kayan duka.

Ƙa'idar "ɗari a cire shekaru", da abin da take mantawa

Sananniyar ƙa'ida ita ce ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne kason hannun jari. Ɗan shekara 35 ya sa kashi 65 a hannun jari, sauran 35 a takardun lamuni. Masu goyon bayanta suna cewa tana da sauƙi, kuma tana rage haɗari da kanta yayin da mutum yake manyanta. Masu suka suna cewa an ƙera ta ne a ƙasashen da kasuwarsu take da dubban kamfanoni kuma kuɗinsu ba ya karyewa dare ɗaya. Kasuwarmu kamfanoninta ba su kai 200 ba, kuma 'yan ƙalilan daga cikinsu, na siminti da sadarwa da manyan bankuna, su ne suke jan ma'aunin. A ganina ƙa'idar ta isa mafari. Matsalarta babba a wurinmu ita ce mutane suna yin lissafin a kan kuɗin da ke hannunsu kawai, su manta da wanda ake cire musu tun kafin albashi ya shigo.

Dokar fansho ta 2014 ta tanadi a zuba aƙalla kashi 18 na albashin da ake lissafin fansho a kansa cikin asusun ma'aikaci: kashi 8 daga gare shi, kashi 10 daga wurin aikinsa. Tun Yulin 2018 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta raba asusun gida-gida. Wanda bai kai 50 ba ana sa shi a Fund II kai tsaye. Fund I sai wanda ya nema da kansa. Da mutum ya cika 50 sai a mai da shi Fund III. A lokacin da aka fara tsarin, an yarda Fund I ya sa har kashi 75 a kadarorin da darajarsu ke hawa da sauka irin su hannun jari, Fund II har kashi 55, Fund III kuwa kashi 20. Amma wannan iyaka ce ta sama. A aikace fiye da rabin kuɗin fanshon ƙasar nan a takardun gwamnatin tarayya suke. Ma'ana, ma'aikacin da ke cikin wannan tsari ya riga ya mallaki takardun lamuni da yawa, ko bai taɓa sayen ko ɗaya da hannunsa ba.

Mu yi lissafin da mutum ɗaya

A ce wani ma'aikaci ne a Kaduna, mu kira shi Malam Sani, shekararsa 34, yana sa ran ritaya a 60. Abin da yake shigo masa hannu naira 300,000 ne a wata. Abin da gida yake ci na dole, abinci da haya da makarantar yara da mai, 200,000. Yana da miliyan 2 a asusun ajiya na banki, takardar fanshonsa kuma ta nuna miliyan 3 a Fund II. Yana iya ware 50,000 duk wata.

Matakin farko ba saye ba ne. Zai ware kuɗin larura na wata shida, naira miliyan 1.2, ya sa su inda zai iya cirewa cikin kwana biyu ko uku. Waɗannan ba sa cikin lissafin ritaya ko kaɗan. Mai albashin gwamnati da ake biya a kan kari zai iya tsayawa a wata uku ko huɗu. Ɗan kasuwa ko ɗan kwangila, wanda samunsa yake zuwa yau ya ɗauke gobe, wata shida ma ƙaramin abu ne a gare shi. A nan ya kamata a faɗi abin da littattafan waje ba sa faɗa: ɗan shekara talatin da wani abu a ƙasar Hausa ba larurar gidansa kaɗai yake ɗauka ba. Asibitin mahaifiya, auren ƙanwa, rajistar ƙani a jami'a, duk a kansa suke sauka. Wanda ya san shi ne bangon gidansu ya ƙara wa wannan kaso kauri. Kuɗin da aka san ranar kashe su kuma, kamar hayar baɗi ko kujerar Makka da ake tara wa, su ma tsaba za su zauna, domin duk abin da za a buƙata cikin shekara uku zuwa biyar ba shi da wuri a kasuwar hannun jari.

Saura naira 800,000. Idan aka haɗa da fansho, ajiyar ritayar Malam Sani miliyan 3.8 ce. Sai ya tambayi kamfanin fanshonsa nawa ne kason hannun jari a Fund II ɗinsu. Mu ƙaddara sun ce kashi 20. To yana da 600,000 a hannun jari ta wannan hanya, sauran miliyan 2.4 a takardun lamuni da makamantansu. Yanzu duba abin mamaki: ko da ya kwashe 800,000 ɗin nan kaf ya sayi hannun jari, jimillarsa miliyan 1.4 ce cikin 3.8, wato kashi 37. Bai ko kusanci kashi 66 da ƙa'idar take ba shi ba. In kuwa ya bi tsoro ya sayi takardun lamuni da su duka, kason hannun jarinsa ya tsaya a kashi 16, rabon da ya fi dacewa da wanda saura masa shekara uku ya ajiye aiki.

Duk da haka ba zan ce masa ya zuba 800,000 ɗin duka a hannun jari ba. Kuɗin fansho a kulle suke, ba ya taɓa su sai ya kai 50 ya yi ritaya, in ban da 'yan hanyoyi kaɗan, irin su kashi 25 da doka ta yarda a cira idan mutum ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba. Su kuwa na hannunsa yana ganinsu a waya kullum, kuma su ne zai firgita ya sayar. Don haka a ce ya raba su kashi 70 da 30: naira 560,000 a hannun jari, 240,000 a sukuk ko takardar lamuni. Dubu hamsin ɗin wata-wata ita ma haka, 35,000 nan, 15,000 can. Tsaba kuwa kuɗin larurar nan sun wadatar. Wannan ya kai jimillar hannun jarinsa wajen kashi 30 na duk ajiyar. Idan yana son ƙari, hanya mafi sauƙi ita ce ya nemi a mai da shi Fund I, ba ya ƙara matsa wa na hannunsa ba. Su 560,000 ɗin ma ba dole ne a zuba su rana ɗaya ba. Zai iya raba su gida shida ko takwas ya riƙa shigarwa duk wata.

Kafin ya sa hannu, akwai gwajin da ya fi kowace ƙa'ida amfani. Ya ɗauki biro ya maimaita 2008 a kan kuɗinsa: 560,000 ta koma 168,000. Naira 392,000 sun tafi a takarda, albashin wata ɗaya da kusan sulusi, kuma babu mai gaya masa yaushe za su dawo. Idan ya kalli wannan lamba ya ga zai iya ci gaba da zuba 35,000 ɗinsa, rabon ya yi masa daidai. Idan ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa, ya sauko zuwa 50 da 50. Rabon da mutum zai iya riƙewa a mummunar shekara ya fi wanda ya fi kyau a lissafi amma aka watsar da shi a tsakiyar hanya.

Wanda ba shi da fansho, tela ko mai shago ko direba, lissafinsa ya bambanta. Ba shi da waccan miliyan 2.4 ta takardun lamuni a bayansa, kuma sana'arsa ita kanta jari ce mai hawa da sauka. Irinsa ya fi dacewa da 50 da 50, ko 60 da 40, tare da kuɗin larura mai kauri. Tun 2019 akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu da zai iya shiga.

Da me za a cika kowane kaso

Kason hannun jari ba kamfani ɗaya ko biyu ake nufi ba. Mai 35,000 a wata ya fi samun sauƙi a asusun haɗaka na hannun jari, ko wanda yake bin ma'aunin manyan kamfanoni 30 na kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, inda kuɗinsa za su watsu a kamfanoni da yawa. Abu biyu zai duba. Na farko, kamfanin da zai ba kuɗinsa yana da rajista da hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar jari, kuma ya duba sunan da kansa a jerin hukumar, kada ya tsaya ga hoton satifiket da aka turo masa. Na biyu, nawa suke cira a shekara. Bambancin kashi 1 kacal a kuɗin kula, idan ya yi shekara 25 yana maimaituwa, yana iya cinye har kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za a tara. Duk wanda kuma ya yi maka alkawarin riba tsayayya ta kashi 20 ko 30 a wata, ba ya cikin ukun nan da muke magana. MMM ya nuna haka a ƙarshen 2016, CBEX ya maimaita.

Ga wanda yake guje wa riba, kowane kaso yana da madadinsa. A fansho akwai Fund VI, asusun da ba ya mu'amala da ruwa, da aka buɗe a 2021. A gurbin takardar lamuni akwai sukuk, sai dai ba kowane wata ake fitar da sabo ba, don haka mai 15,000 a wata zai fi samun hanya ta asusun haɗaka na halal mai sayen sukuk. A hannun jari akwai asusun da suke tace kamfanoni, su fitar da bankuna masu ruwa da kamfanonin giya da masu bashi fiye da kima. Abin lura shi ne tacewar tana rage yawan kamfanonin, sai kuɗin su taru a siminti da sadarwa da kayan abinci, don haka hawa da saukarsu ba lallai ya bi na sauran kasuwa ba. Zakka ma a sa ta cikin lissafi, a tambayi malami yadda ake fitar da ita a kan kowane kaso.

Sai batun dala, wanda ba ya barin zancen ajiya tun da farashinta ya tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ya haura 1,500 a 2024. Sanya wani yanki na ajiya a asusun dala mai rajista kariya ce mai ma'ana. Amma dala ba kaso na huɗu ba ce. Dalar da ke cikin akwati tsaba ce, wadda aka sayi takardar bashi da ita lamuni ce, wadda aka sayi kamfanonin waje da ita hannun jari ce, kowacce a lissafa ta a gidanta. Fili da shanu da zinari kuwa, waɗanda iyayenmu suka yi ritaya da su, dukiya ce ta gaske, sai dai ba a yankar kusurwar fili a sayar don a biya kuɗin magani.

Gyaran rabo sau ɗaya a shekara

Rabo ba ya zama yadda aka bar shi. Mu ajiye zubin wata-wata gefe don lissafin ya fito fili. A ce shekara ta yi kyau, hannun jarin Malam Sani ya tashi da kashi 40 ya koma 784,000, sukuk ɗinsa da hayarsa ya koma 276,000. Jimilla 1,060,000, hannun jari ya zama kashi 74. Bambancinsa da kashi 70 ɗin da ya tsayar bai kai maki 5 ba, don haka ba sai ya sayar da komai ba. Ya karkata duk zubin wata ɗaya ko biyu zuwa sukuk, rabon zai daidaita ba tare da ya biya dillali kuɗin sayarwa ba.

A ce kuma shekarar ta zo da akasi, hannun jari ya faɗi da kashi 30 ya koma 392,000. Jimilla 668,000, kasonsa ya sauko ƙasa da kashi 59. Don ya koma 70 sai ya ciro wajen naira 75,000 daga ɓangaren lamuni ya sayi hannun jari, ko kuma ya zuba sabon kuɗi wajen naira 252,000 a hannun jari, wato duk zubin wata biyar. Wannan shi ne gyaran da ya fi wuya, domin lokacin ne kowa a majalisa yake cewa kasuwa ta mutu. Shi ya sa ake tsayar da rana tun da wuri, a ce makon farko na Janairu ko bayan ƙaramar salla, a rubuta rabon a takarda, in ranar ta zo a yi abin da takardar ta ce. A ranar kuma a sake auna kuɗin larura, tunda miliyan 1.2 da ta ishi wata shida bana ba za ta ishe su baɗi ba.

Daga shekara 45 sai a fara sauke kason hannun jari a hankali, maki ɗaya ko biyu a shekara, yawanci ta hanyar karkata sabon zubi kawai. Malam Sani ya tuna cewa ranar da ya cika 50 fanshonsa zai koma Fund III da kansa, kason hannun jarin da ke can ya ragu sosai ba tare da ya ɗaga yatsa ba. Idan a wannan shekarar shi ma ya sayar da na hannunsa, ya rage sau biyu ke nan, alhali saura masa shekara goma na aiki, da wasu shekarun bayan ritaya da kuɗin za su ci gaba da kokawa da farashin buhun shinkafa.